Ranar da turaren tsinke ya ceci furojet ɗina: fanka ko zafi, wa ke tuƙa iska?

1/
Jama'a, sati 3 da suka wuce na kusa faɗuwa furojet ɗina na ƙarshe saboda lissafin layi ɗaya da ban yi ba. Layi ɗaya tak wallahi. Zare ne mai ɗan tsawo, akwai lambobi kaɗan a ciki, amma ko ba injiniya kake karanta ba za ka gane. Ku biyo ni sannu a hankali.

2/
Ni ɗan Kura ne. Duk wanda ya san yankinmu ya san yadda tumatir ke yi idan kakarsa ta zo: kwando ya faɗi warwas, a yanka a shanya a ƙasa, ƙura ta hau, akuya ta bi ta kai. Shi ya sa da aka ce kowa ya kawo abin da zai ƙera, na ce injin busar da tumatir zan yi.

3/
Sufabaizana ya ce kar in fara da babba. In yi ƙarami a ɗakin gwaji, in sa hita a madadin rana, in nuna iska tana ɗaukar zafi kamar yadda na lissafa. Idan ƙaramin ya ci jarabawa sai a tafi babba. Kuɗin kayan yayana ne ya turo, kuma na san ba daga rara ya cire ba.

4/
Ga abin da na ƙera. Kwararo ne a tsaye, tsayinsa santimita 60, faɗinsa santimita 40. Bango ɗaya farantin alminiyam ne da hita a bayansa, na rufe bayan da soso don kar zafi ya tsere. Ɗaya bangon gilashi ne. Tsakaninsu santimita 5, nan iska ke bi ta ɗebi zafi.

5/
Sai dabarar da na ɗauka ta burgewa ce. Na ce iska ta shigo ta sama, inda ƙura ba ta da yawa, ta gangaro ta jikin farantin, ƙaramar fankar kwamfuta da ke ƙasa ta zuƙo ta zuwa akwatin tumatir. Akwati a ƙasa, sauƙin ɗiba da zubawa. Har na yaba wa kaina.

6/
Lissafina kuwa na wanda fanka ke tura wa iska ne kawai. A raina na ce ai akwai fanka, to ita ce mai gida. Hita tana ba da wat 50, na cire 5 na asara, saura 45. Fanka tana jan lita 5 a sakan. Wannan ya kamata ya ɗaga zafin iskar da digiri 7 zuwa 8.

7/
Yadda na san lita 5 ɗin: na ɗaura babbar leda mai cin lita 50 a bakin fanka, na danna agogo, ta cika a sakan 10. Bakin kwararon santimita 5 sau 40 ne, don haka saurin iskar a ciki kusan mita 0.25 ne a sakan. Ku riƙe wannan lambar, za ta dawo.

8/
Na kunna. Iskar ɗaki digiri 30. Na jira awa guda. Iskar da ke shiga akwati: 32. Na canza wayar auna zafi, 32. Na ari ta wani, 32. Digiri 2 kacal a maimakon 8. Na zauna a kan benci ina kallon abin kamar wanda aka yi wa sata da rana tsaka.

9/
Abin da ya ƙara rikita ni shi ne farantin. Idan fanka kaɗai ke kwashe zafinsa da wannan ɗan saurin, lissafi ya ce sai ya haura digiri 100 kafin ya iya sakin wat 45. Amma yana wajen 70 da 'yan kai. Wato wani abu yana sanyaya shi fiye da fankata, kuma zafin ba ya zuwa akwati.

10/
Kwana 4 ina zargin komai. Na zargi hita, na zargi soson baya, na liƙe duk wata kafa da gam. Har na fara tunanin in ɗan gyara lambobin a rahoto, Allah Ya yafe min. Abin da ya hana ni, na san ranar difens za a ce in kunna a gani.

11/
Rana ta biyar wani dattijon teknishan da ke kula da ɗakin ya tsaya a kaina. Ya ce, "Injiniya, tun Litinin nake ganinka kana zagaye wannan abu." Na ce, "Baba, zafina ne ya ɓata." Bai ce komai ba, ya ɗora tafin hannunsa a bakin kwararon na sama, ya ce in kawo nawa.

12/
Ɗumi. Iska mai ɗumi tana fitowa ta inda na rubuta "mashiga" da maka. Ya aike ni in sayo turaren tsinke. Ya kunna, ya zura shi ta sama a gefen gilashi: hayaƙi ya gangara ƙasa lafiya lau. Ya matsa da shi jikin farantin: hayaƙin ya juya ya yo sama da gudu.

13/
A kwararo ɗaya, cikin santimita 5, iska biyu suna wuce juna kamar motoci a titin Zariya. Ta jikin gilashi mai sanyi tana sauka zuwa akwatina. Ta jikin faranti mai zafi tana hawa, ta fice da zafin da na biya kuɗinsa. Fankata iskar ɗaki take ta zuƙa.

14/
Ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin hayaƙin murhu ya nufi ƙasa don an roƙe shi?" Ya tafi abinsa. Ni kuma na koma littafin da muka yi a aji uku, babin da na tsallake saboda an ce ba ya fitowa a jarabawa: gaurayen kwambekshin, inda fanka da tashin zafi ke aiki a tare.

15/
Bari in yi bayani a sauƙaƙe. Iska idan ta yi zafi tana buɗewa, sai ta fi ta kusa da ita rashin nauyi, ta sanyi ta danno ta sama. Wannan shi ne ƙarfin tashi, kuma kyauta yake, ba ruwansa da wuta ko batir. Ɗaya ƙarfin shi ne turin fanka. Tambayar ita ce wa ya fi.

16/
Lambobi biyu ake gwadawa. Ta Reynolds, Re, tana auna ƙarfin gudun iska idan an kwatanta da danƙonta. Ta Grashof, Gr, tana auna ƙarfin tashi idan an kwatanta da wannan danƙon. Danƙo a nan shi ne yadda iska ke riƙe juna, ta kuma riƙe bango. Kamar bambancin ruwa da zuma.

17/
Idan ka raba Gr da Re sau Re, danƙon ya fita daga lissafi gaba ɗaya, ya bar ka da lambar Richardson. An sa mata sunan Lewis Fry Richardson, Baturen Ingila da ya yi aiki a kan lissafin yanayi.

```
Ri = Gr / Re² = g β ΔT L / U²
```

18/
Kar haruffan su tsorata ka. g jan ƙasa ne, 9.81. ΔT bambancin zafin bango da na iskar da ke shigowa. L tsayin bangon. U saurin iskar fanka. β kuma yadda iska ke buɗewa a kowane digiri. Ga iska, 1 ne a raba da zafinta a ma'aunin Kelvin.

19/
Ƙa'idar da ake bi: idan Ri bai kai 0.1 ba, fanka ke mulki, ka manta da tashin zafi. Idan ya haura 10, tashin zafi ke mulki, fanka 'yar rakiya ce. Tsakanin 0.1 da 10 kuwa dole ka lissafa da su biyun. Iyakokin kimantawa ne, 9 da 11 kusan abu ɗaya ne.

20/
Mu zuba nawa. Faranti 70, iska 30, bambanci 40. Matsakaicinsu 50, wato 323 a Kelvin, don haka β kusan 0.0031.

```
g β ΔT L = 9.81 × 0.0031 × 40 × 0.6 = 0.73
U² = 0.25 × 0.25 = 0.0625
Ri = 0.73 / 0.0625 ≈ 12
```

21/
12, jama'a. Na gina dukan lissafina a kan cewa fanka ce mai gida, alhali a jikin farantin ko bakin magana ba ta da shi. Kuma ban tsaya nan ba, na sa ta tana ja ƙasa, wato tana kokawa da wanda ya fi ta ƙarfi. Ɗan dambe ya tare ɗan kokawa a filin kokawa.

22/
Ga hanyar da ta fi zama min a kai. Ka ɗauki tushen 0.73 ɗin nan, ka samu 0.85. Wannan sauri ne, mita 0.85 a sakan: ma'aunin gudun da zafi kaɗai zai iya ba iska a tsayin santimita 60. Ainihin gudun bai kai haka ba saboda bango na riƙe ta, amma nan ne mizanin.

23/
To sai ka ajiye su gefe da gefe. Zafi yana da 0.85, fankata tana da 0.25. Ko yaro ya san wanda zai ci. Ri ba komai ba ne illa ka raba na farko da na biyu, ka ninka amsar da kanta. Shi ya sa ƙaramin canji a saurin fanka ke juya labarin gaba ɗaya.

24/
Idan ka ninka saurin fanka sau 2, Ri ya ragu sau 4. A nawa, sai iska ta kai mita 0.85 a sakan kafin su yi kunnen doki. Kafin in sami damar mantawa da tashin zafi kuwa, sai ta kai mita 2.7 a sakan. Wato lita 54 a sakan, fiye da ninki 10 na abin da fankata ke ja.

25/
Wani zai ce, to in zafi ya fi ƙarfi, me ya sa leda ta cika? Me ya sa iska ke sauka ko kaɗan? Wannan tambayar ta hana ni barci, kuma amsarta ce ta fi komai amfani a zaren nan. Ƙarfin tashi ba ya aiki a dukan faɗin kwararon daidai wa daida.

26/
Iskar da ta yi zafi sosai siririn labule ce manne da faranti, kaurinta santimita 1 zuwa 2. A cikinsa ne ƙarfin tashi yake. Kuma a daidai nan ne iskar fanka ta fi rauni, don bango na taka mata birki. Tsakiya da gefen gilashi kuwa iska mai sanyi ce, ba abin da ke ɗaga ta.

27/
Saboda haka fanka ita ke yanke yawan iskar da za ta wuce gaba ɗaya, lita 5 ɗinta na nan. Zafi kuma shi ke yanke inda iskar za ta bi a cikin kwararon. Ledata ta auna jimla ne kawai. Ba ta gaya min cewa a jikin faranti iskar ta juya baya ba.

28/
Alamomin da ya kamata su farkar da ni tun ranar farko guda 3 ne. Mafita ba ta yi zafin da lissafi ya ce ba. Faranti ya fi yadda aka zata sanyi. Sannan wayar auna zafi da ke kusa da sama tana ta rawa, ta hau ta sauka, saboda iskoki biyu na cakuɗuwa a wurin.

29/
Yanzu batun yawan zafin da ake kwashewa. Ana auna shi da lambar Nusselt, Nu: in ta yi girma, bango na sakin zafi da kyau. Na lissafa na farantina sau biyu. Fanka ita kaɗai ta ba ni kusan 54. Tashin zafi shi kaɗai, fanka a kashe, ya ba ni kusan 91.

30/
Idan suna tafiya gefe ɗaya, za ka ce 54 da 91 ai 145 ke nan. A'a. Ga bango a tsaye, ana ninka kowace da kanta sau uku, a haɗa, sannan a ɗauki tushe na uku. Alamar tarawa idan suna taimakon juna, ta ragewa idan suna adawa.

```
Nu³ = Nu_F³ ± Nu_N³
```

31/
Da tarawa amsar 97 ce. Da ragewa 84. Ka ga daga 91 zuwa 97, fankata ta ƙara abin da bai wuce kashi 7 cikin 100 ba. A wat kuma: fanka kaɗai 24, zafi kaɗai 41, su biyun a tare 43, duk a bambancin digiri 40. Nan na gane dalilin da farantin bai kai 100 ba.

32/
Hattara da alamar ragewar nan. Idan lambobin biyu sun zo daidai, lissafin zai ce sifili, wato babu zafin da ke fita. Ƙarya ne. A wurin iska takan rabu da bango ta yi ta juyi, kuma zafi na fita. Idan suna adawa kuma ƙarfinsu ya yi kusa, gwaji ya fi takarda gaskiya.

33/
Na kai wa sufabaizana duk wannan, gabana na faɗuwa. Ya duba ya ce, "Da wane tsayi ka lissafa Ri?" Na ce da tsayin faranti, ranka ya daɗe. Ya ce, "Me ya sa ba da ratar da ke tsakanin bangon ba?" Na yi shiru. Ya ce in je in dawo da amsa gobe.

34/
Tambayar tana da nauyi. A kwararo mai faɗi ana yawan amfani da ninki biyu na ratar, wato santimita 10 a nawa. Da shi na sa, Ri zai zama kusan 2 maimakon 12. Kaya ɗaya, fanka ɗaya, amsa biyu. Duk wanda ya ba ka Ri bai faɗi tsayin da ya yi amfani da shi ba, rabin magana ya yi.

35/
Amsar da na kai masa: labulen zafin nan bai cika ratar ba. Kafin ya yi kaurin da zai taɓo gilashi, iskar ta riga ta fita. Don haka farantin kamar bango ne shi kaɗai a tsaye, kuma nisan da ƙarfin tashi ke aiki a kansa shi ne tsayin. Ya gyaɗa kai.

36/
Idan kwararon dogo ne kuma matsattse, har zafi ya ratsa daga bango zuwa bango, lissafin ya canza. A nan danƙo ne ke tare ƙarfin tashi, sai a duba Gr a raba da Re sau ɗaya kawai, da ratar a matsayin tsayi, da bambancin zafin bangon biyu. In ya haura 72, iska za ta juya a jikin bango ɗaya.

37/
Wannan 72 ɗin na iskar da ke tafiya a natse ne, layi-layi, kuma ta yi nisan da yanayin gudunta ya daina canzawa. Nawa bai cika wannan sharaɗin ba, shi ya sa ban dogara da shi ba. Na kawo shi ne don ku san Ri ba shi kaɗai ne alƙali a kowane kwararo ba.

38/
Sai gyara. Hanyoyi 3 ne a gabana. Ta farko, in sayi fanka mai ƙarfi ninki 10. Ba kuɗi, kuma ko da akwai, lita 54 a sakan za ta raba wat 45 ɗin nan har ƙarin zafin bai kai digiri 1 ba. Ka ci kokawa ka rasa abin da ka zo nema.

39/
Ta biyu, in matse ratar daga santimita 5 zuwa 1. Lita 5 ɗin nan dai, amma saurin ya ninku sau 5, Ri ya ragu sau 25, daga 12 zuwa wajen 0.5. Dabara ce mai kyau, sai dai har yanzu ina cikin yankin gauraye, ana adawa, kuma duk ranar da batir ya yi sanyi matsalar za ta dawo.

40/
Wannan batun batir ɗin ku lura da shi. Idan saurin fanka ya faɗi rabi, Ri ya ninku sau 4. Kuma da tsakar rana, lokacin da faranti ya fi zafi, ΔT ya ƙaru, Ri ya sake hawa. Wato injin zai fi yin gardama a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

41/
Ta uku ita na bi: in daina faɗa da zafi. Na kife tsarin. Iska ta shigo ta ƙasa ta cikin ɗan ƙyallen tace ƙura, fanka ta tura ta sama, akwatin tumatir ya koma kan kwararon. Kuɗin da na kashe na kusoshi ne da katako biyu na ƙafa.

42/
Na kunna, na jira awa guda. Ɗaki 30, bakin akwati 37. Na zura turare: hayaƙi ya tashi a jikin faranti da sauri, a gefen gilashi a hankali, amma duk sama. Baba teknishan ya leƙo ya ce, "Ka ga yanzu kun shirya da shi." Wallahi sai da na ji ƙwalla.

43/
To tunda zafi ke mulki, me ya sa ban cire fankar ba? Na gwada. Akwati ba komai, iska na tafiya da kanta. Da na jera faifan raga 3 cike da yankakken tumatir, sai ta kusa tsayawa, faranti ya fara hawa, gilashin akwati ya yi gumi.

44/
Dalili: ƙarfin tashi yana da kyau wajen kwashe zafi daga bango, amma matsin da yake iya bayarwa ɗan mitsitsi ne. Iska mai ƙarin digiri 8 a tsayin santimita 60 ba ta ba da ko kashi ɗaya cikin biyar na faskal guda. Ƙaramar fankar kwamfuta tana ba da ninkinsa da yawa.

45/
Sai aiki ya rabu. Zafi ne ke ɗebo zafi daga faranti, fanka ce ke tura iskar ta ratsa tumatir. Don haka idan aka tambaye ka wa ke mulki, ka ce a ina? A jikin bango, Ri zai gaya maka. A kan faifan tumatir, matsi za ka duba. In ba ka son fanka, sai ka ƙara tsayin bututun.

46/
Gargaɗi ɗaya kafin wani ya tafi da "sama ta fi kullum". Duk abin da na faɗa na iska mai tafiya a natse ne. A kwararona Re bai kai 2000 ba idan an lissafa da ninki biyu na ratar. Idan gudun ya yi ƙarfi har iska ta hargitse tana tumbatsa, labarin na iya kifewa.

47/
A hargitsattsen gudu, ƙarfin tashi mai taimakawa yana iya kwantar da hargitsin da ke kusa da bango, kuma wannan hargitsin ne ke kwashe zafi. Sai bango ya ƙara zafi maimakon ya huce. Mai adawa kuma yana ƙara hargitsin. Masu ƙera manyan tukwanen tururi suna lura da wannan sosai.

48/
Abin bai tsaya a injin tumatir ba. Inbata da ke jikin bango, da fiffiken alminiyam a tsaye, kwararo ne mai zafi. Ratar da ke bayan firij ma haka. Idan za ka ƙara wa irin waɗannan ƙaramar fanka, ka fara duba inda iskar ke bi da kanta, kar ka sa mai rauni ta tare ta.

49/
Yanzu duk abin da zan taɓa, ga tsarina. In auna zafin bango da na iska. In auna tsayi. In lissafa saurin da zafi kaɗai zai bayar. In auna saurin fanka na gaske da kaya a kanta, don abin da aka rubuta a kwali na fanka ne a sarari. Sannan in kwatanta. Minti 5 ne.

50/
Sannan turare. Ka zura shi a jikin bango mai zafi, ka zura a tsakiya, ka zura a ɗaya gefen. Wuri 3. Idan ka auna wuri ɗaya ne, za ka iya rantsewa iska na sauka alhali zafinka na ficewa ta sama. Ka dai yi nesa da soso da waya, kar a je gyara a tayar da gobara.

51/
A rahotona ban ɓoye tsarin farko ba. Na ba shi babi guda, da hoton hayaƙin da lambar 12 ɗin. Sufabaiza ya ce shi ne babin da za a fi yi min tambaya a kai. Difens ranar Alhamis ne, ku sa ni a addu'a. Yayana har yanzu bai san kuɗinsa sun kusa tafiya da iska ba, yau zai gani a nan.

52/
Ga aikin gida ga 'yan ajinmu da ke leƙe ba sa magana. Faranti mai tsayin mita 1, zafinsa 60, iska 30, fanka na ba da mita 1.5 a sakan. Ka ɗauki β a 0.0031. Nawa ne Ri, kuma wane yanki ka faɗa? Ku ajiye amsa a ƙasa, zan duba bayan isha'i in an kawo wuta.